Hayaniyar da ba a ji da kunne

Tambaya: Malam, a darasin sadarwa an ce mana har saƙon tes ana samun "hayaniya" a cikinsa. Ni dai hayaniyar da na sani ta kasuwa ce da tasha, to ya rubutu zai yi hayaniya? Kuma wai me ya sa aka ce tsarin sadarwa na Shannon, inda wannan kalma ta fito, ya tsufa?

Amsa: Kana da gaskiya ta fuskar Hausa, mu a wurinmu hayaniya sai da murya, mutane da yawa kowa na faɗin tasa. Amma masu wannan fanni sun faɗaɗa ta ne, kuma sai ka san inda abin ya samo asali za ka gane dalili. Claude Shannon masanin lissafi ne kuma injiniya a ɗakin bincike na kamfanin tarho na Bell a Amurka, a 1948 ya fitar da aikinsa, a 1949 aka buga shi littafi tare da bayanin Warren Weaver. Damuwar Shannon ita ce waya, yadda saƙo zai tashi daga nan ya isa can ba tare da ya canza ba. Sai ya jera abin a layi ɗaya, mai saƙo ya ba na'ura, na'ura ta mai da shi sigina, sigina ta bi hanya, wata na'urar ta karɓa ta mayar da shi saƙo, ya isa ga wanda aka aika wa. Duk abin da ya shiga tsakani a hanyar nan ya sa abin da aka karɓa ya bambanta da abin da aka tura, shi ake nufi da hayaniya, ko ƙarar iska ce a rediyo ko harafi ne ya ɓace.

Ɗauki misali, ka rubuta wa ɗan uwanka "baƙi sun iso" amma wayarsa ba ta da ƙ mai lanƙwasa, sai ya ga "baki sun iso". To an yi hayaniya ke nan, ba wanda ya ji komai. Baki na cin abinci ne, ko baƙi launi, ko baƙi na zaure? Rubutunmu ma dama ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Amma ɗan uwan naka ba zai ruɗe ba ko kaɗan, saboda "sun" ta riga ta faɗa masa mutane ne da yawa, "iso" kuma ta ce masu tafiya ne. Wannan rarar bayani da harshe ke ɗauke da ita ita ce maganin hayaniya a lissafin Shannon, shi kansa ya ƙiyasta cewa kusan rabin rubutun Ingilishi irin wannan rara ce. Ko mu in layi ya yi rauni ai maimaitawa muke yi. A nan tsarin bai tsufa ba fa, har gobe da shi injiniyoyi ke aiki.

Inda aka samu matsala shi ne da aka ɗauke shi daga waya aka ɗora a kan mutane. Shannon bai ɓoye ba, ya ce ma'anar saƙo ba ta shafi matsalar injiniya ba. To mu kuwa ma'anar ce duk abin da muke nema. Baƙon da ya koyi Hausa a aji ya shiga kasuwa ya taya riga, mai kaya ya ce "albarka". Kalmar ta isa kunnensa sarai, ba harafin da ya faɗi, amma shi sai ya fara laluben aljihu yana murna an sa masa albarka, alhali an ce masa tayinsa bai kai ba ne. A ma'aunin Shannon an yi sadarwa ɗari bisa ɗari, a kasuwa kuwa ba a fahimci juna ba. Shi ya sa masanin sadarwa Wilbur Schramm a 1954 ya kawo batun cewa sai abin da mai magana da mai sauraro suka sani na rayuwa ya haɗu a wani wuri kafin saƙo ya yi aiki. Wasu sun so su toshe ramin da cewa ai wannan ma hayaniya ce ta ma'ana, ni wannan bai gamsar da ni ba, don babu abin da ya ɓata kalmar a hanya, mai sauraron ne ya gina tasa ma'anar da abin da ke kansa. Masanin al'adu Stuart Hall a 1973 ya ƙara da cewa mutum na iya gane abin da talabijin ke nufi tsaf amma ya ƙi yarda da shi, wannan kuwa ba wanda zai kira shi kuskuren layi.

Sai kuma maganar layin da ba ya dawowa. Bahaushe ya ce in baki ya san abin da zai faɗa bai san abin da za a mayar masa ba, wato magana ba ta ƙarewa a bakin mai ita. Mai rigar nan yana ganin baƙon ya ciro kuɗi zai girgiza kai ya ce a'a ƙara dai, a take ya gyara saƙonsa saboda abin da ya gani. Kowannensu yana aikawa yana karɓa a lokaci guda, abin da masanin sadarwa Dean Barnlund ya gina nasa tsarin a kai ke nan a 1970, a zanen Shannon na 1948 kuwa kibiya gaba kawai take nunawa.