Amsar Anti Nas kan giya da faɗuwar suga cikin dare

Tambayar da admin ta turo (mai tambaya ta ce a ɓoye sunanta): "Anti Nas don Allah, maigidana yana da ciwon suga, yana shan Dawonil safe da yamma. Ranar Asabar ya sha giya kwalba uku da abokansa, ya dawo ƙarfe goma na auna masa 11, amma wajen huɗun asuba ya jiƙe da gumi yana sambatu, na auna 2.6. Ya aka yi haka? Ni na ɗauka giya ƙara suga take. Na yi faɗan na gaji bai daina ba, ya zan yi?"

Anti Nas ta amsa da saƙon murya, an rubuta shi ne saboda waɗanda ba su da data:

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Toh ƙanwata, sannu, Allah ya ƙara sauƙi, kuma wallahi kin yi ƙoƙari da kika tuna da na'urar awo a wannan tsakar daren, don mata da yawa cewa za su yi maye ne bai sake shi ba su ja bargo su koma barci. Kafin wani ya taso min, na san a gurup ɗin nan akwai musulmi akwai kirista, kowa ya san abin da addininsa ya ce kan giya, ba sai na maimaita ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wanda aka kawo min a sume ba na tambayarsa hukunci, jijiya nake nema.

Ki fara gane wannan, hanta ita ce rumbun suga a jiki. Kin ci tuwo da dare kin kwanta, awa takwas ba ki sa komai a baki ba, me ya hana suganki ƙarewa? Hanta ce take ɗan sakin wanda ta ajiye, in ajiyar ta yi ƙasa kuma sai ta ƙera sabo da kanta. Toh ita giya in ta shiga jiki hanta tana ɗaukarta kamar guba ce, dole ta fara kawar da ita, kuma muddin tana wannan aikin ƙera sabon suga yana tsayawa. Kamar mace ɗaya ce a gida tana kan girki sai bututun ruwa ya fashe a tsakar gida, ai tukunya za ta bari ta je tare ruwa, girki ya jira.

Kuma hanta ba ta da sauri. Kusan giram 8 zuwa 10 na barasa take iya narkarwa a awa ɗaya. Babbar kwalbar nan ta 60cl mai kashi 5 cikin ɗari, barasar da ke cikinta ta kai giram 24, kinga kwalba ɗaya kusan awa uku kenan. Uku kuwa awa takwas zuwa tara. Mu ce ya fara sha ƙarfe bakwai na yamma, lissafa da kanki, har wajen uku zuwa huɗu na asuba hantarsa tana kan wanke giya, ba ta sake shi ba.

Ita kuma 11 ɗin da kika gani ƙarfe goma ba ƙarya na'urar ta yi ba. Giyar kwalba da hatsi ake yinta, akwai sitaci a ciki, shi ne yake fara ɗaga suga a awa ɗaya biyun farko, shi ya sa mutane suka riƙe cewa giya ƙara suga take, rabin labarin suka sani. Wannan tashin na ɗan lokaci ne, yana wucewa. Abin da ba ya wucewa da wuri shi ne maganin. Dawonil, sunansa na asali gilibenkilamaid, aikinsa tilasta wa jiki ya saki insulin ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, kuma yana daɗewa a jiki, yana iya kai wa yini guda. Toh haɗa su: magani yana ta jan suga ƙasa, sitacin giya ya ƙare, hantar da ya kamata ta cike giɓin ta tafi wani aiki. In kuma abin da ya ci a wajen tsire ne ko farfesu kawai, wanda na fi zato don shi ake ci a irin wuraren nan, toh nama ba ya ba da sugan da zai riƙe mutum. Shi ne ya wayi gari a 2.6.

Kuma abin bai tsaya a asuba ba, yana iya bin mutum har awa 24 bayan sha. Na taɓa karɓar wani direba, da daddare ya sha, da safe ya tashi garau ya haɗiyi maganinsa bai karya ba ya fita, ƙarfe sha ɗaya na rana aka kawo shi daga tasha ba ya gane kowa. Abokansa suna ta cewa ai tun jiya ne ya sha. Eh, na jiyan ne.

Masu allurar insulin ku ma da ku nake, musamman mai haɗin nan 30/70 da ake yi kafin abincin dare, ƙarfinta tsakar dare yake kai wa. Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ya dawo ya ga 11 ko 13 ya ce bari in ƙara allura in sauke shi. Kar a yi. Wannan lambar da kanta za ta sauka, ƙarin allurar a kan faɗuwar zai sauka. Mai shan metfomin kaɗai shi ba kasafai suga ke faɗo masa haka ba, nasa haɗarin daban ne, shan giya mai yawa a kan metfomin yana iya tara tsami a jini, balle in ƙoda ko hanta ba lafiya, kuma abin yana kisa.

Yanzu yadda za ki bambance. Gaskiya da ido ba a bambancewa, maye da faɗuwar suga kamarsu ɗaya: tangaɗi, harshe ya yi nauyi, faɗa ba dalili, barci mai nauyi. Gumi mai sanyi da rawar hannu da bugun zuciya sun fi karkata ga suga, amma giya tana dusashe waɗannan alamun ma, shi kansa ba zai ji ba. Don haka awo ne kawai. Ƙasa da 3.9 ya faɗi, in na'urarku mai manyan lambobi ce toh 70 kenan. Ƙasa da 3.0, wato 54, ya yi tsanani. In ta rubuta LO ba lalacewa ta yi ba, ya faɗi ƙasa da abin da take iya karantawa. In ba na'ura a kusa, ki ɗauka faɗuwar suga ce ki yi maganinta.

In yana iya zama ya haɗiya, cokalin cin abinci ɗaya na sukari a ruwa kaɗan, ko zuma cokali ɗaya, ko kamar rabin ƙaramar kwalbar lemo mai sukari, ba wanda aka rubuta babu sukari ba. Jira minti 15 ki sake aunawa, in bai haura 3.9 ba ki maimaita. Da ya haura sai ki bi shi da abinci na gaske, burodi, kunu, ɗumamen tuwo, don sukarin nan minti kaɗan yake yi. In kuwa ba ya farkawa sosai, ko yana fizge-fizge, kar ki ɗura masa komai a baki, zai shiga huhu. Ki kwantar da shi a gefensa, a nemi mota, asibiti, ruwan gulukos ta jijiya. Ki faɗa musu gaskiya ya sha giya kuma ga sunan maganinsa, kar kunya ta hana ki. Akwai wata allurar gaggawa gulukagon, ko kun samu kar ku dogara da ita a nan, don ita aikinta ta umarci hanta ta saki suga ne, hantar kuma kin ji halin da take ciki. Sannan mai Dawonil ko ya farfaɗo yana wasa da dariya suga na iya sake faɗuwa bayan 'yan awanni, shi ya sa muke riƙe su a gado a ci gaba da awo, ba neman kuɗin gado ba ne.

Mafi aminci dai kar a sha, wannan ba jayayya. Akwai ma waɗanda ko kurɓi ɗaya ban yarda ba: mai ciki, mai ciwon hanta irin hefataitis B, mai matsalar ƙoda, wanda ƙafafunsa suka fara mutuwa ko zafi kamar barkono, da wanda suga ke faɗo masa ba ya ji. Amma tunda kin ce bai daina ba, gara a rage ɓarna. Ma'aunin da likitocin suga suke bayarwa bai wuce awo biyu a rana ga namiji, ɗaya ga mace, kuma babbar kwalba ɗaya ta kusa cinye biyun nan, wato ɗaya ce iyakarsa, ba a tara na mako a shanye ranar Asabar. Ya ci abinci mai sitaci kafin ya fara, shinkafa, doya, tuwo, ba nama zalla ba. Ya sha a hankali da ruwa a tsakani. Ranar da ya yi aikin ƙarfi, gona ko ƙwallo, ranar ta fi haɗari don rumbun hanta ya riga ya yi ƙasa. Kuma a cikin abokan nan ko mutum ɗaya ya san yana da suga.

Kan me ake sha kuma, mutane suna cewa a koma mai zafi irin giyar jin ko ogogoro tunda ba zaƙi. Ba zaƙi kam, amma shi ya fi saurin kayar da suga don babu ko ɗan sitacin da zai tare. Waɗannan masu ɗaci na leda da ake cewa wai suna wanke suga, barasa ce mai ƙarfi da saiwoyi, in lamba ta sauka bayan an sha ba waraka ba ce, hanta aka ɗaure. Burkutu da bammi matsalarsu ba ka san ƙarfinsu ba, na yau daban na gobe daban, a ƙwarya ake sha ba a ƙirgawa. In zama da abokai ne ba ya so ya rasa, ruwan soda da lemun tsami, ko zoɓo ba sukari. Maltina da 'yan uwanta ba barasa amma sukari ne cike, ba mafita ba ce.

Duk daren da ya sha, ki auna kafin ya kwanta, in ya gaza 7 ya ci wani abu, burodi yanka biyu ko kofin kunu, ko da 11 ne kar ki saki jiki. Sa ƙararrawar waya ƙarfe uku ki sake aunawa, sukari da cokali a gefen gado, da safe kuma ba tuƙi sai ya auna ya karya. Kar ya tsallake magani da kansa wai don zai sha, wannan ma wata rigimar ce. Abin da nake so shi ne satin nan ku koma wajen likitansa da lambobin nan biyu a rubuce, 11 ƙarfe goma, 2.6 ƙarfe huɗu, ku faɗi kwalba nawa. Akwai magungunan da ba su kai Dawonil kayar da suga ba, mai yiwuwa a canza masa ko a rage na yamma. In shi yana jin nauyin faɗa, ke ki faɗa. Toh muryar ta yi tsawo, ana kirana a ward, sai anjima.