Wasiƙar neman taimako a goman ƙarshen Ramadan

Tambaya: "Wata ƙungiyar agaji ta turo mini wasiƙar neman taimako. Zan iya tura musu zakkar fidda kai ta iyalina?"

Ɗan'uwa, fara duba ko wasiƙar ta ware zakkar fidda kai daban da sadaka. Idan asusu ɗaya suka bayar na ciyar da masu azumi, haƙa rijiya da kayan sallar marayu, kuɗinka zai shiga gayya, kuma zakkar fidda kai ba ta tafiya rijiya. Haƙƙin miskinai ce, sa'i ɗaya na abincin da aka fi ci a kan kowane mutum, wato mudun Annabi 4, kimanin kilo 2.5 zuwa 3. A ce ku 6 ne a gida har da jariri, sa'i 6 ke kanka, kusan kilo 18 idan ka ɗauki ma'aunin sama.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Ana so abincin ya isa hannun mabuƙaci kafin sallar Idi. Ka tura kuɗi a daren sallah, yaushe za su sayi hatsi har su raba? Kira su ka tambayi ranar rabo da ranar da suke rufe karɓa. Su wakilanka ne, su saya da sunanka. Idan suka kasa faɗar rana, ko ka ga asusun na sunan mutum ne maimakon ƙungiya, ka auna da hannunka ka miƙa wa wanda ka san yana cikin buƙata. Su kuma ka ba su sadakar neman dacewa da Lailatul Ƙadri idan ka gamsu da amanarsu.