Jiƙon saiwa da jar kanwa don ciwon ciki

"Mahaifina a Daura ya fi wata biyu yana shan jiƙon saiwa da jar kanwa saboda ciwon ciki. Yanzu ƙafafunsa sun fara kumbura. Ko maganin ne?"

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. A dakatar da jiƙon yau. Gobe ku kai shi Babban Asibitin Daura a auna ƙoda da hanta, ku tafi da gorar da ragowar saiwar.

Abin da na fi tsoro shi ne madacin ƙasa, wanda wasu ke kira duman dutse. Ana yawan sa shi a haɗin ciwon ciki saboda ɗacinsa, alhali yana ɗauke da guba mai cin ƙoda sannu a hankali, ba tare da wani zafi ba, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ita kuwa kanwa dangin gishiri ce. Tana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma shanta kullum yana tara ruwa a jiki, ya hau da jini. Ku lura da fitsarinsa: ya ragu ko yana kumfa? Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi, to hanta ce.

Shayin citta, yanka biyu ko uku a kofi, ko na'a-na'a don kumburin ciki, ba su da wannan haɗarin ga mai lafiyar ƙoda. Amma in gyambon ciki ne, yawanci ƙwayar cuta ce ke kawo shi, maganinsa na asibiti ne, kimanin kwana 14.