Amsoshin Wasiƙunku: Likita Ya Biyo Ni Bashin Ciko Bayan Inshora Ta Biya Shi

*"An yi mini tiyatar haihuwa a asibitin da ke cikin jerin waɗanda kamfanin inshorarmu ya yi yarjejeniya da su. Bayan wata biyu sai ga takarda daga likitan da ya yi mini allurar kashe zafi: kuɗinsa dala 2,400, inshora ta biya 720, saura 1,680 a kaina. Ni ban taɓa ganinsa ba sai a ɗakin tiyata. Maigida yana so ya roƙi a ba shi kwasar adashi ya biya. Wallahi ba na iya barci." Daga wata mai jego a Bronx*

Barka da arziki, 'yar uwa, Allah ya raya mana. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma ce wa maigida ya dakata da maganar adashin nan, domin bisa dukkan alamu yawancin kuɗin ba ya kanki.

Ki nemo takardar da kamfanin inshora ya aiko game da wannan aiki. A samanta za ki ga an rubuta Explanation of Benefits, galibi kuma da gargaɗin cewa ba takardar neman kuɗi ba ce. In ba ta zo ta gidan waya ba, tana cikin shafinki na kamfanin. Layi biyu za ki duba. Na farko shi ne Allowed amount, wato farashin da inshora ta amince cewa aikin ya kai. Na biyu shi ne Patient responsibility, ko wani lafazi mai kama da shi, wato kasonki. Idan tsarinku irin na kashi 80 da kashi 20 ne, to 720 kashi tamanin ne na 900. Ke nan farashin da aka amince da shi 900 ne, naki 180. Sauran 1,500 ɗin tazara ce tsakanin abin da likita ya so da abin da inshora ta yarda, kuma ita yake neman ya ɗora miki.

A da, a jihohi da yawa, yana iya yin haka, tunda shi ba ya cikin jerin kamfaninku ko da asibitin yana ciki. Amma tun 1 ga Janairun 2022 dokar tarayyar Amurka mai suna No Surprises Act ta toshe wannan ƙofa. Muddin kika shiga asibitin da ke cikin jeri, likitan allurar kashe zafi, da mai karanta hoton ƙashi, da mai duba samfur a ɗakin gwaji, da likitan jarirai sabbin haihuwa, ba wanda zai karɓi fiye da kason da za ki biya da a ce yana cikin jerin. Dalilin a fili yake: ba ke kika zaɓe su ba, asibiti ne ya turo su. Ko da kin sa hannu a wata takarda a kan gadon naƙuda, doka ba ta yarda irin waɗannan likitoci su nemi ki yafe wannan kariya ba. In yana ganin an ƙware shi, tsakaninsa da kamfanin inshora ne, akwai hanyar sasanci da aka tanadar musu, ke ba ruwanki. Wannan ya shafi inshorar wurin aiki da wadda mutum ya saya da kansa a kasuwar inshora ta gwamnati. In kuwa Medicaid gare ki, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, dama can likitan da ya karɓe ta ba shi da ikon neman ciko.

Ki kira ofishin kuɗi na likitan, lambar tana jikin takardar. Ki faɗa musu asibitin yana cikin jerin inshorarki, ki ambaci sunan dokar, ki nemi su dakatar da bashin su gyara lissafi. Ki rubuta ranar da kika kira da sunan wanda ya amsa. Sannan ki bi da wasiƙa haɗe da kwafin takardar inshora, don maganar waya ba ta barin sawu. Kason da inshora ta ce naki ne, ki biya shi, kada ki ƙara ko sisi. In kika tarar kamfanin inshorar ne da kansa ya lissafa aikin a matsayin na wajen jeri, har ya nuna kasonki ya haura, to su za ki kira su sake lissafi, kuma kina da kwana 180 na ɗaukaka ƙara a wajensu. In an yi ta yi miki yawo da hankali, akwai layin gwamnati na kai ƙara, 1-800-985-3059, da shafin cms.gov/nosurprises.

Yanzu bari in juya ga maigida da ire-irensa, don abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutanenmu a ƙasar nan suna tsoron takardar bashi fiye da ciwon da ya kai su asibiti. Da an ga ambulan mai jan rubutu sai gaba ya faɗi, a fara tunanin sunan gida zai ɓaci, ko za a taɓa takardun zama, sai a ruga a zare kati a biya a daren. Na san tarbiyyar da ta haifi wannan, kuma ina girmama ta. An raine mu a kan cewa bashi amana ne, ana bin mamaci da shi har kabari. Amma bashin da ake nufi shi ne wanda ka ci. Wanda aka ƙaƙaba maka ba bisa ƙa'ida ba, biyansa asara ce tsagwaronta. Mutumin da zai yi rabin awa yana ciniki a kan buhun shinkafa a kantin 'yan Afirka, shi ne zai miƙa dala 1,500 ba tare da ya tambayi na mene ne ba. Direban tasi nawa ne zai kwana yana zaga gari kafin ya haɗa wannan kuɗi? Kuma mafi muni a biya da katin bashi. Ofishin likita sau da yawa yana yarda a biya kaɗan-kaɗan ba ruwa, amma da zarar ka mayar da kuɗin kan kati, ya zama bashin banki mai ruwa, likita ya riga ya karɓi nasa, kai ne za ka koma bin sa kana roƙon a maido maka. Ana iya maidowa, sai dai da jan rai. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini da leda cike da rasit, ta biya ciko har sau uku a shekara ɗaya, ba ta taɓa buɗe takardar inshora ko ɗaya ba don an rubuta a kai cewa ba ta neman kuɗi ba ce. Alhali ita ce ma'aunin. Kada a biya kowace takardar asibiti sai an ajiye ta gefe da gefe da ta inshora, ranar aiki ta dace, adadi ya dace.

Kishiyar wannan kuma, masu cusa ambulan a ƙarƙashin katifa, su ma ba su tsira ba. In har bashin ya koma hannun kamfanin karɓar bashi, kwana 30 gare ki daga samun sanarwarsu ki musanta a rubuce, kuma dole su dakata sai sun kawo hujja. Wanda bai buɗe wasiƙa ba, kwanakin nan za su wuce shi yana barci.

*"Na yi hoton gwiwa a wurin da ke cikin jeri. Sun rubuta dala 2,600, aka rage zuwa 1,100, inshora ba ta biya komai ba. An ce doka ta hana. Wa zan kai ƙara?" Daga wani magidanci a Greensboro*

Ba wanda za ka kai, Malam. An riga an yafe 1,500 saboda yarjejeniyar da ke tsakanin wurin da kamfaninka, abin da ya rage shi ne farashin da aka amince. Inshora ba ta biya ba ne don ba ka cika kuɗin farko na shekara da kake biya daga aljihunka kafin inshora ta fara biya ba, wanda ake rubutawa Deductible a takardarka. Ka zaɓi tsari mai sauƙin kuɗin wata, to ga inda sauƙin yake fanshewa. Da sun nemi 2,600 ɗin ne, da ka sami magana. Ka nemi biya kaɗan-kaɗan, in kuma asibiti ne wanda ba na neman riba ba, ka tambayi takardar neman rangwame ta masu ƙaramin ƙarfi.

*"Mahaifiyata ta faɗi, muka kira motar asibiti. An aiko mana cikon dala 900. Dokar ba ta hana ba?" Daga wata a Columbus*

Allah ya ba Mama lafiya. A nan sai haƙuri, domin dokar tarayya ta rufe jirgin sama mai ɗaukar marasa lafiya da ɗakin gaggawa na asibiti, amma ta bar motar ƙasa a waje. Wasu jihohi sun yi tasu dokar, don haka ki kira hukumar kula da inshora ta jiharku. Ki fara tambayar wurin aikin da inshorar ta fito ko su suke biyan kuɗin magani daga asusunsu, saboda irin wannan tsari dokar jiha ba ta cika kai wa gare shi ba. Ki ɗaukaka ƙara wajen inshora cewa gaggawa ce ba zaɓi, ki kuma nemi ragi wajen masu motar. Sai dai ina roƙonki, kada wannan ya sa gobe ku yi jinkirin kiran 911.

*"Za a yi mini aikin gwaiwa wata mai zuwa. Likitan da abokina ya yaba ba ya cikin jerina, ya ba ni takarda in sa hannu. In sa?" Daga wani a Philadelphia*

Madalla da ka tambaya kafin alƙalami ya taɓa takarda. Duba samanta. In ka ga Surprise Billing Protection Form, kada sunan ya ruɗe ka: sa hannu a kanta yana nufin ka ajiye kariyarka da kanka, ka yarda likitan ya bi ka duk abin da inshora ba ta biya ba. Likitan tiyatar da ka zaɓa da ƙafarka yana cikin waɗanda doka ta yarje wa su nemi haka, da sharaɗin a ba ka takardar ita kaɗai, ba a cakuɗe da wasu ba, aƙalla awa 72 kafin aikin, ɗauke da ƙiyasin kuɗi. Ƙiyasi kuwa ba alkawari ba ne, yana iya haurawa. Kuma cikon da za ka biya ba lallai ya shiga lissafin iyakar kuɗin da kake fitarwa a shekara ba.

Shawarata kada ka sa. Aikin gwaiwa aiki ne da likitocin tiyata suke yi kullum, yabon aboki bai isa ka ɗauki bashin da ba ka san ƙarshensa ba. Ka kira lambar da ke bayan katinka, ka ce a ba ka sunayen likitocin tiyata uku na cikin jeri, sannan ka kira ofishin kowanne ka karanta musu cikakken sunan tsarinka kamar yadda yake a katin, don kamfani ɗaya yakan sami tsari da yawa kuma likita ya karɓi wani ya ƙi wani. Ka tabbatar asibitin da za a yi aikin shi ma yana ciki.