Kanu naki ne, amma maganar Kwamishina tasa ce

Tambaya: Malam, ina aiki a ofishin yaɗa labarai a Gombe, an ba ni sanarwar manema labarai ta Turanci in mayar Hausa. Kanun ya ƙi zama, kuma ina tsoron taɓa maganar da aka ɗauko daga bakin Kwamishina. Ya zan yi?

Amsa: Malama, kanu ki bar shi sai ƙarshe. Mu ce sanarwar kan fara sayar da taki ce a Kumo. Turanci a nan yana son wata kalma mai maganar tuta, wato "flag off", shi ya sa za ki ga an rubuta "Gwamnati ta ɗaga tutar taki", manomi ya karanta ya rasa gane kansa. Abin da ake nufi ƙaddamarwa ne. Kuma kanun Turanci yana yanke ƙananan kalmomi, yana faɗin abin da ya riga ya faru kamar yanzu yake faruwa, Hausa kuwa ba ta yarda, sai da "ta" ko "za ta". In an yi taron, "Gwamnati ta ƙaddamar da sayar da taki a Kumo", in sai jibi ne "za ta ƙaddamar". Kuskure a nan yana iya sa mutum ya hau mashin tun daga Pindiga ya zo ya tarar ba kowa.

Muryar hukuma kuma ba a manyan kalmomi take ba, a aikatau take. Umarta daban, buƙata daban, shawarta daban. In takardar ta ce an umarci dillalai kar su ƙara farashi, kika rubuta "an roƙi", to kin sauke doka ta koma lallashi.

Sai maganar Kwamishina, nan ne nake son ki tsaya sosai. Turanci yakan raba zance biyu ya cusa sunan mai magana a tsakiya, ke ki fara da "Kwamishinan ya ce", sannan zancen ya zo a dunƙule. Cikin alamar zance shi ke magana, don haka "mun tanadi", ba "sun tanadi" ba. In ya yi salon maganar Turawa mai nufin kowa ya sa hannu, ki rubuta "dole mu haɗa kai". Na san hannunki zai yi ƙaiƙayin sa "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", don Allah kar ki sa, bai faɗa ba, kuma gidan rediyo zai karanta shi a matsayin kalamansa. In jimlar ta ƙi fassaruwa sai an juya ta sosai, cire alamar zancen kawai ki ce "ya bayyana cewa sun tanadi", wannan ba laifi.

Kafin ta fita ki kai wa wanda ya sa hannu a ta Turancin, ku bi kanu da zancen da farashin buhu tare.