Zanen Bode ɗina ya fara daga 60 dB, na abokina daga 20 dB

"Salam 'yan uwa. An ba mu G(s) = 1000/((s+2)(s+50)) mu zana girmansa a desibel da miƙaƙƙun layuka. Nawa ya fara daga 60 dB, na abokina daga 20 dB. Wa ya yi daidai? Kuma bayan kwana ta biyu gangarar nawa ce?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Wallahi da na ga 60 ɗin nan sai da gabana ya faɗi, don ita ce ta sa na maimaita kwas ɗin kwanturol. Abokinka ne da gaskiya. Ka ɗauki 1000 da ke sama ka yi 20log(1000) kai tsaye, alhali kafin ka taɓa kalkuleta dole kowace baka ta koma siffar (1 + s/a). Fitar da 2 daga ta farko, fitar da 50 daga ta biyu, sun ba ka 100 a ƙasa. Sai ya zama G(s) = 10/((1 + s/2)(1 + s/50)). To 10 ɗin nan ita ce ta gaskiya, 20log(10) kuwa 20 dB ne.

Ni a ɗakin jarabawa na yi wannan ɓarnar. Zanena tsaf, da rula da fensir mai tsini, kwanonina duka a wurinsu, gangara daidai, sai dai gaba ɗayan zanen ya ɗaga sama da 40 dB. Malamin ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa, ko maki ɗaya bai ba ni ba. Na bi shi ofis sau uku. A na ukun ko ɗago kai bai yi ba, ya ce injiniyan da ya yi kuskuren ninki ɗari ba a ba shi ladan iya riƙe rula. A gaban 'yan ajinmu mata biyu ya faɗa! Haushin da nake ji har yau shi ne bai taɓa nuna mana fitar da lambobin nan a allo ba, misalansa kullum a gyare suke zuwa. Shekara guda na zauna da ƙannena a aji saboda layi ɗaya.

Bari dai in koma kan zanenka. Daga hagu ka ja layi a kwance a kan 20 dB har mita, wato ω, ta kai 2, nan ce kwana ta farko. Daga nan ya fara gangara, yana sauka 20 dB duk lokacin da ω ta ninka goma, wato a ω = 20 ka iso 0 dB cif. Kada ka tsaya, ci gaba da wannan gangarar har 50. Wurin nan mutane ke cankar tsayi da ido, kai lissafa shi: 50/2 = 25, 20log(25) kusan 28 ne, 20 a cire 28 ya bar ka a −8 dB.

A 50, wato kwana ta biyu, gangara ta biyu ba maye gurbin ta farko take yi ba, haɗuwa suke. Ta zama 40 dB a kowane ninki goma, don haka a ω = 500 kana −48 dB. Da a sama bakar take, sai ta soke gangarar, layin ya koma kwance.

Af, takardar semilog. Babu sifili a kanta, kada ka nema. Fara daga 0.1, ka sayi mai gida huɗu, kowane gida ninki goma ne, don ta kai ka 1000. Kuma 2 da 50 ɗin nan rad/s ne, ba Hz ba, na san wanda ya gauraya su ya yi ta kuka da takarda.

Abin da na koya bayan na sha wuya: kafin ka miƙa, sa s = 0 a ainihin abin da aka ba ka. 1000/(2×50) = 10. Daƙiƙa biyar ke nan, da na yi shi da ban rasa shekara ba. Idan kana da MATLAB ka gwada:

```
bode(tf(1000,[1 52 100]))
```

Za ka ga lanƙwasar ta bi ta ƙasan kwanoninka, kusan 17 dB a ω = 2, kusan −11 dB a 50. Kada ka goge komai, gibin 3 dB a kan kwana haka yake, kuma yana raguwa zuwa wajen 1 dB a rabin kwanar ko ninkinta biyu. Sai dai in kwanonin sun matso juna, kamar 2 da 4, gibin nasu taruwa yake ya wuce haka. Naka suna da tazara, ba ruwanka. Turo hoton zanen in ka gama, in duba maka wurin −8 ɗin.