Shafin sakamakon ɗalibai ya cika da #REF! da #VALUE! da #DIV/0!

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce ke haɗa sakamakon aji huɗu a wata makarantar firamare a Tudun Wada, Zariya, ɗalibai 45, kuma da Excel nake yi. Na cire layin makin aikin gida a shafin Lissafi, sai jimla gaba ɗaya ta koma #REF!. A shafin Turanci yara uku ne kawai ke nuna #VALUE!, amma matsakaicin makin ajin ma ya ɓace. A shafin zuwa makaranta kuwa yaro na farko ne kaɗai ya fito daidai, sauran duk #DIV/0!. Wani ya ce in sa IFERROR komai zai wuce. In sa? Ranar Alhamis za mu ba da sakamako.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki sa shi tukuna. Fayil ɗinki bai lalace ba, kuma alamomin nan uku cuta uku ce daban-daban, kowace da maganinta. IFERROR ba ya warkar da ko ɗaya, zane yake lulluɓa musu.

Mu fara da shafin Lissafi, domin nan ne kawai aka yi asarar wani abu. A ce layin B na gwajin farko ne, C na aikin gida, D na gwaji na biyu, E na jarrabawa, jimla kuma tana F da wannan fomula:

```
=B2+C2+D2+E2
```

Fomula ba ta riƙe maki a kanta, adireshin gidaje take riƙewa. Da kika goge layin C ɗungurungum, sauran layukan suka matso hagu, Excel kuma ya bi su ya gyara musu adireshi. Amma wanda aka rushe ba shi da sabon adireshi. Taɓa gidan jimla na ɗalibin farko, ki duba sandar da ke sama inda fomula ke fitowa, za ki ga ta koma haka:

```
=B2+#REF!+C2+D2
```

Abin da #REF! ke faɗi ke nan: an aike ni gida, na je na tarar babu gidan. Shi ya sa ya kama yara 45 a lokaci guda, tunda fomularsu iri ɗaya ce.

Idan ba ki rufe fayil ɗin ba, danna Ctrl+Z har layin ya dawo. Idan kin riga kin adana kin rufe, wannan hanyar ta toshe, kuma ko kin ƙirƙiro sabon layi a wurin tsohon fomula ba za ta gane shi ba. Sai dai ki ɗauko tsohon kwafi in akwai, ko ki gyara fomular gidan farko da hannu ki cire `+#REF!`, sannan ki ja ta zuwa ƙasa.

Amma kafin ki cire, ga abin da ya fi alamar kanta muhimmanci. Idan aikin gida maki 10 ne, gwaje-gwaje 15 da 15, jarrabawa 60, to da zarar kin cire shi jimla ta koma bisa 90. Yaron da ya cinye komai zai tashi da 90, kuma duk wani ma'auni na darajar maki da kuka gina a kan 100 ya karkace. Da SUM kika yi amfani tun farko, wato `=SUM(B2:E2)`, da Excel ya rage ta zuwa `=SUM(B2:D2)` shiru, ba wata alama, ki buga sakamako bisa 90 ba ki sani ba. A nan kam #REF! alheri ya yi miki. Ki tambayi hedimasta inda maki goman za su koma. Nan gaba kuma, in layi ya tsone miki ido, ki danna kansa da maɓallin dama ki zaɓi Hide. Zai ɓuya, adireshinsa na nan.

Shafin Turanci ya fi ban sha'awa, kuma nan zan ɗan daɗe. #VALUE! na nufin gidan yana nan, amma abin da ke cikinsa ba irin wanda fomula ke iya aiki da shi ba ne. Alamar tarawa lamba take nema, sai ta ci karo da rubutu. Tunda yara uku ne kawai, laifin ba na fomula ba ne, yana cikin makin yaran ukun. Ki bi layin kowannensu daga hagu zuwa dama. Na yi shekaru ina gyara wa makarantu irin wannan shafi, kuma abu uku nake yawan tararwa. Na farko, malamin darasi ya rubuta ABS ko ya ja 'yar sanda a gidan yaron da bai zauna jarrabawa ba. Na biyu, an buga harafin O a wurin sifili, 40 ta koma 4O, ido ba ya rabewa. Na uku shi ne mai wahalar da mutane: gida kamar babu komai, ashe wani ya so share shi ya danna maɓallin tazara. Gidan da babu komai a cikinsa Excel sifili yake ɗaukarsa wajen tarawa, amma tazara rubutu ce.

Akwai dubawa ta ido: in ba a taɓa tsarin shafin ba, lamba tana jingina da gefen dama na gida, rubutu kuma da gefen hagu. Sai dai yawancin malamai kan tsakaita komai don kyau, sai wannan shaida ta ɓace. Saboda haka ki tambayi Excel kai tsaye. A ce yaron yana layi na 9, makinsa uku suna B zuwa D. A wasu gidaje uku da babu komai ki rubuta waɗannan, kowace a gidanta:

```
=COUNT(B9:D9)
=ISNUMBER(D9)
=LEN(D9)
```

Ta farko tana ƙirga gidajen da ke da lamba ta gaskiya, in ta ba ki 2 maimakon 3 to akwai baƙo. Ta biyu za ta ce FALSE a kan gidan da ba lamba ba. Ta uku tana ƙirga haruffa: gidan da kike gani wayam in ya ba da 1, tazara ce a ciki, ki danna Delete.

Matsakaicin makin aji kuwa lafiyarsa ƙalau. AVERAGE da SUM ba sa tsallake kuskure: gida ɗaya mai #VALUE! a cikin 45 ya isa ya shafa musu. Wannan doka ce da za ta yi miki amfani a kowane shafi. Kuskure yana gangarawa ne kamar ruwan kwata, don haka ba a gyara a inda ya taru, sai a bi shi zuwa gidan da ya fara. In kin rasa hanya, taɓa gidan, ki shiga Formulas ki danna Trace Precedents, kibiyoyi za su nuna miki gidajen da yake sha daga gare su.

Sauran magana ita ce yaron da da gaske bai zauna jarrabawa ba. Mutane kan ce a canza zuwa SUM, domin ita tana tsallake rubutu. Gaskiya ne, alamar za ta ɓace. Amma yaron da ya samu 15 da 12 sannan ABS zai tashi da 27, kamar ya zauna ya faɗi, kuma 27 ɗin za ta shiga matsakaicin aji. A ce yara 42 matsakaicinsu 58 ne, ukun nan kuma suka shigo da 27 da 20 da 25: matsakaici ya sauka zuwa kusan 55.7. Wata makarantar haka take so, wata ba ta so. Ni dai na fi son shafi ya faɗi gaskiya:

```
=IF(COUNT(B9:D9)=3,SUM(B9:D9),"bai cika ba")
```

In maki uku sun cika a tara su, in ba su cika ba a rubuta hakan. AVERAGE tana tsallake rubutu, don haka matsakaicin zai zama na waɗanda suka zauna ne kawai. Wannan fomular tana da wani amfani kuma. Makin da aka kwafo daga saƙon waya wani lokaci yakan shigo a matsayin rubutu ko da yana kama da lamba, sau da yawa da ɗan koren tabo a kusurwar gidan. SUM kaɗai za ta tsallake shi ba ta ce uffan ba, amma COUNT za ta tona. Maganinsa ki taɓa gidan, ki danna 'yar alamar gargaɗin da ta fito, ki zaɓi Convert to Number.

Shafin zuwa makaranta shi ne mafi sauƙi, kuma ke da kanki kin kawo shaidar: na farko daidai, sauran duk kuskure. #DIV/0! na nufin an raba da sifili, ko da gidan da babu komai. Ina kyautata zaton kin rubuta yawan kwanakin da aka buɗe makaranta a gida ɗaya, a ce J1, kwanakin da kowane yaro ya zo kuma suna layin F, kika sa wa yaron farko `=F2/J1*100`, kika ja ƙasa. Da ana ja, adireshi duka biyu suna tafiya tare. Na yaro na biyu ya koma `=F3/J2*100`, na uku `=F4/J3*100`, kuma babu komai a J2 da J3. Ki ɗaure gidan da alamar dala:

```
=F2/$J$1*100
```

A kwamfuta, in kin sa alamar rubutu a kan J1 a cikin fomula kika danna F4, shi zai sa miki. A waya sai ki buga da hannu. Ki sake ja, yara 44 za su dawo.

Yanzu ki duba abin da shawarar IFERROR za ta haifar a nan. Da kin rubuta `=IFERROR(F2/J1*100,0)` kika ja, shafi zai yi tsaf, kuma takardar yara 44 za ta ce ba su zo makaranta ko sau ɗaya ba a zangon nan. A shafin Lissafi kowa zai ci sifili. Yana haɗiye kowane irin kuskure ne ba ya tambaya, har da #REF! da #NAME? wanda ke fitowa in an yi kuskuren rubuta sunan fomula. Yana da ranarsa, amma sai kin san ainihin kuskuren da kike tsammani da dalilinsa. Ko a nan ma na fi son a kira abin da sunansa. Misali, in kowane yaro yana da nasa kwanakin a layin G, saboda wasu sun shigo a tsakiyar zango, kuma ba a cika na wasu ba tukuna:

```
=IF(G2=0,"",F2/G2*100)
```

Wannan rabo da sifili kaɗai ya yafe. In wani ya rubuta harafi a F2, #VALUE! zai fito ki gan shi.

Kafin ki taɓa komai yau, yi Save As ki ajiye kwafi da wani suna, ki yi gyaran a kan sabon. In kin gama, ɗauki yara uku, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, da na layi na 46, ki tara makinsu da biro daga takardun malaman darasi ki gwada da abin da shafi ya bayar. In kin ga ##### a wani gida kuma kada ki damu, yawanci layin ne ya yi wa lambar ƙunci, ki ja bakinsa ya faɗaɗa.